Hutun Kwana Huɗu Ko Na Wata Uku?

A shekarar 2025 babbar sallah ta faɗo ranar Juma'a 6 ga watan Yuni, gwamnatin Najeriya kuma ta ba da hutu a ranar da kuma Litinin 9 ga wata. A ɗauka akwai wata matashiya a Kano da ke yi wa wani kamfanin birnin New York aiki daga ɗakinta, tana amsa saƙonnin abokan cinikinsa. Ta rubuta wa manajanta cewa ba za ta samu zama ba, ta sa kwanakin yadda aka koya mata tun firamare: 06/06 zuwa 09/06. A wurinta magana ta fito sarai, daga 6 ga Yuni zuwa 9 ga Yuni. Manajan ya buɗe saƙon ya karanta da idon Ba'amurke: daga 6 ga Yuni zuwa 6 ga Satumba. Hutun sallah ya koma wata uku cur.

Irin wannan kuskure mai girma yakan tona asirin kansa, domin manajan zai zabura ya tambaya. Wanda ya fi cin mutane shi ne ƙaramin, na awa ɗaya ko na yini ɗaya, wanda ba ya ɗaga wa kowa hankali sai lokacin da aka nemi ma'aikaci aka rasa. A ofis na gida, abokin aiki zai leƙo ya ga kujera babu kowa, wani ya ce ai ya tafi jana'iza. Shi kuwa mai aiki daga nesa, babu mai ba da shaidarsa sai layukan da ya rubuta.

Tushen rikicin kwanan wata shi ne jerin lambobi. Najeriya da Nijar da Gana da Birtaniya da Faransa duk suna fara rubuta rana, sannan wata, sannan shekara. Amurka kuwa wata take farawa da shi. Sin da Japan da Koriya shekara suke sa wa a gaba. Idan ranar ta wuce 12 babu damuwa, tunda babu wata na goma sha uku: duk wanda ya ga 25/06 ya san Yuni ake nufi, ko da tsarin ya yi masa baƙo. Amma ranakun 1 zuwa 12 na kowane wata suna karantuwa ta fuska biyu. Kwana 144 ke nan a shekara, a cire sha biyun da lambobinsu suke tagwaye kamar 06/06, saura 132. Wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin shekara, idan an rubuta su da lambobi zalla, Bakano da Ba'amurke ba rana ɗaya suke gani ba.

Maganin ba shi da tsada: a rubuta sunan watan da haruffa. Ko haruffa uku na farko sun wadatar, domin 9 Jun 2025 ba ta da wata fassara ta biyu a kowace ƙasa. Sai a ƙara mata sunan ranar mako, wanda mutane da yawa suke ɗauka ado ne alhali shi ne mai gadin saƙon. Da matashiyar nan ta ce Litinin, da manajan ya duba kalandarsa ya ga 6 ga Satumba 2025 Asabar ce, ya gane akwai abin da bai daidaita ba. Sunan ranar yana kama kuskuren mai rubutun ma. Wanda ya rubuta Talata 9 ga Yuni, alhali 9 ga wata Litinin ce, ya bar wa mai karatu alamar da za ta sa ya tambaya. Wanda ya rubuta lambar kaɗai, in ya yi tuntuɓen yatsa, babu mai ganewa. Shekarar ma a rubuta ta da lambobinta huɗu, musamman a saƙon da aka tura cikin Disamba game da Janairu.

Akwai tsarin ƙasa da ƙasa mai suna ISO 8601, wanda aka fara fitarwa a 1988, da ke jera shekara, wata, rana, da ɗan layi a tsakaninsu: 2025-06-09. Masu rubuta manhaja suna son sa, saboda ba a saba juya shi ba, kuma idan aka sa shi a sunan fayil, fayilolin suna jeruwa da kansu daga tsoho zuwa sabo. Yana da kyau a takardar lissafi da rajistar aiki. A saƙon da mutum zai karanta a waya yana tsaye a layin jirgin ƙasa kuwa, sunan wata da haruffa ya fi saurin shiga ido.

Idan an gama da kwanan wata, sai awa. Turawan Amurka da na Birtaniya sun saba da agogon awa goma sha biyu mai AM da PM, kuma yana aiki lafiya har sai an zo ƙarfe goma sha biyu. A al'adar agogon waya da kwamfuta, 12 PM tsakar rana ce, 12 AM tsakar dare, amma mutane da dama suna juya su, har da waɗanda aka haifa cikin Turancin. Agogon awa ashirin da huɗu ya kashe wannan gardama, 12:00 rana ce, 00:00 dare. Mutanen Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatu da Faransanci sun riga sun saba da shi, su da ke rubuta 14h30. Ko da hakan, tsakar dare tana da sauran tarko. Wanda ya ce zai ɓace daga tsakar daren Litinin, wace tsakar dare yake nufi, wadda ta buɗe Litinin ɗin ko wadda ta rufe ta? Shi ya sa masu tsara yarjejeniya da jadawalin tafiya sukan kauce mata da minti ɗaya, su rubuta 23:59 ko 00:01. Ma'aikaci ma zai iya ara.

Bahaushe yana da nasa ƙarin dalilin taka-tsantsan a nan. A lissafin da ya gada, dare ne ke gaban yini, rana tana farawa da faɗuwar rana. Daren Juma'a a bakinsa shi ne daren da Alhamis ta wuce ana jiran wayewar Juma'a. Idan ya juya wannan zuwa Turanci kai tsaye, manajansa zai ɗauka daren da ke bayan yinin Juma'a ne, an sami ratar awa ashirin da huɗu ke nan. Haka ma lokutan da yake auna yininsa da su, bayan la'asar, kafin magariba, in an sauko daga masallaci. Duk wanda ke Zariya ya san abin da ake nufi. Wanda ke Chicago bai san ko ƙarfe nawa ba ne, kuma ba laifinsa ba ne. Gobe da jibi su ma ba su da amana a saƙon da zai iya kwana ba a buɗe ba: goben mai rubutu takan zama yau ɗin mai karatu, wani lokaci ma jiya.

Sai babban al'amarin, wato bambancin agogo tsakanin ƙasashe, inda akasarin masu aiki daga nesa suke zaton sun gama ganewa tun makon farko. Agogon duniya ana auna shi daga ma'auni guda mai suna UTC, wanda a aikace ya yi daidai da lokacin Greenwich, unguwar nan ta Landan da taron ƙasashe na Washington ya zaɓa a 1884 ta zama mafarin awo. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da shi da awa ɗaya, ana rubuta UTC+1, ana kuma kiransa WAT. Gana tana kan ma'aunin daidai, don haka ɗan zango a Kumasi yana bayan ɗan'uwansa na Kano da awa ɗaya. Sudan tana UTC+2 tun daga 2017. Duk waɗannan ƙasashe agogonsu a kafe yake daga Janairu zuwa Disamba.

Na masu ba da aikin ne ba ya zama wuri ɗaya. Ƙasashen da rana ke daɗewa a sama lokacin zafinsu suna tura agogo gaba da awa ɗaya, su dawo da shi in sanyi ya gabato, al'adar da Jamus ta fara a matakin ƙasa a 1916, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko. Amurka tana turawa ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, ta mayar ranar Lahadi ta farko a Nuwamba. Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai suna turawa Lahadin ƙarshe ta Maris, su mayar Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Sakamakon haka, Kano tana gaban New York da awa shida a watan Janairu, amma da awa biyar a watan Yuni. Kano da Landan agogonsu ɗaya a Yuni, a Janairu kuwa Kano ce gaba da awa ɗaya. Da Paris da Berlin abin juyewa yake: daidai suke da Yamai a lokacin sanyi, su wuce ta da awa ɗaya a lokacin zafi. Ma'aikacin da aka ɗauka a watan Disamba ya haddace cewa tsakaninsa da ogansa awa shida ne, ya riƙe lambar kamar karatun allo, to lambar nan za ta yaudare shi a tsakiyar Maris.

Kuma da yake Amurka da Turai ba rana ɗaya suke sauyawa ba, akwai makonnin da komai ke hargitsewa. A 2025 Amurka ta sauya ranar 9 ga Maris, Turai sai 30 ga wata. Mako uku ke nan da New York ta matso kusa da Kano, Landan kuwa tana nan inda take. Wanda ke cikin ayarin aiki mai mutane a biranen biyu, taron mako-mako zai iya matsawa a wurinsa ko ya tsaya, gwargwadon birnin wanda ya kira taron. Wani abin dariya, 30 ga Maris ɗin nan ita ce ranar ƙaramar sallah a Najeriya. Duk wanda ya yi wa wani kamfanin Landan lissafin awannin dawowarsa tun cikin azumi, da bambancin awa ɗaya ya yi shi, ya dawo daga yawon sallah ya tarar bambancin ya ɓace.

Gajerun sunayen da ake liƙa wa awa ba su cika taimakawa ba. CST na iya zama lokacin tsakiyar Amurka, ko na ƙasar Sin, ko na Kuba. IST na Indiya ne, na Isra'ila ne, kuma na Ayalan ne. Ba'amurke yakan rubuta EST ko a watan Yuli, alhali sunan na lokacin sanyi ne, a Yuli agogonsa yana kan EDT. Baturen Ingila ma yakan ce GMT duk shekara yana nufin abin da agogon bangonsa ya nuna, wanda a lokacin zafi ya wuce GMT da awa ɗaya. WAT ba shi da irin wannan ruɗani, matsalarsa ita ce manajoji da yawa ba su taɓa jin sa ba. Don haka abin da ya fi aminci shi ne a haɗa abu biyu: nisan agogon mutum daga UTC, wanda ba ya motsi, da kuma awar a birnin manajan, da sunan birnin ɓaro-ɓaro. Sunan ƙasa bai isa ba. Tsakanin New York da Los Angeles akwai awa uku, jihar Hawaii ba ta sauya agogo, haka ma mafi yawan jihar Arizona.

A koma ga matashiyar Kano a ga yadda saƙonta ya kamata ya fita. Kamfaninta yana aiki daga tara na safe zuwa biyar na yamma a New York, wato a watan Yuni daga biyu na rana zuwa goma na dare a agogon Kano. Abin da manajan ke buƙatar sani abu biyu ne, yaushe za ta tashi daga aiki, kuma yaushe za a sake samunta. Bayan gaisuwa da faɗin dalili a jimla ɗaya, sai ta ware layi biyu, na farko lokacin tashinta, na biyu lokacin dawowarta:

```
Thu 5 Jun 2025, 22:00 WAT (UTC+1) = 17:00 New York
Tue 10 Jun 2025, 14:00 WAT (UTC+1) = 09:00 New York
```

Layi na biyun ya fi na farko muhimmanci. Saƙon da ya ce daga Juma'a zuwa Litinin ya bar tambaya a buɗe: Litinin ɗin tana cikin hutun, ko ita ce ranar dawowa? Turanci ma bai raba wannan gardama ba, mutum biyu a ofis ɗaya sukan fahimci jimlar daban. Faɗin ranar da awar da za a koma bakin aiki shi ke rufe ƙofar. Idan ta ƙara cewa kwanakin aiki biyu ne abin ya shafa, Juma'a da Litinin, ta ba mai lissafin albashi abin da zai gwada da kalandarsa. Sai ta faɗi wanda zai riƙe mata aiki, da ko za a same ta a waya in abu ya taso. Kwanakin kuma su fito tun a kan saƙon, a layin take, domin manaja mai saƙonni tuli sau da yawa iyakar abin da yake karantawa ke nan.

Wani zai ce rubuta awa sau biyu ɓata lokaci ne, manajan ai yana da kwamfuta. Gaskiya ne yana da ita. Amma lissafin da aka bar wa mai karatu, a gurguje yake yin sa, in ma ya yi, kuma in ya kuskure ba shi za a nema a rasa ba.

Ga waɗanda kamfaninsu ke yammacin Amurka, ranar ma kanta canzawa take. A watan Janairu Kano tana gaban California da awa tara. Yinin aikin can, tara zuwa biyar, yana kamawa daga shida na yamma zuwa biyu na dare a Kano. Idan ma'aikaci zai tashi da ƙarfe ɗaya na dare don ya kama motar asuba, a wurinsa Talata ta riga ta shiga, a wurin manajansa kuwa ƙarfe huɗu ne na yammacin Litinin. A irin wannan hali kowane ɓangare na layin yana buƙatar nasa sunan rana da kwanan wata, ba awa kaɗai ba.

Ta yaya ake samun awar ɗaya birnin ba tare da kuskure ba? Agogon duniya da ke cikin waya yana nuna bambancin yau ne kawai, ba ya faɗin yadda zai kasance bayan mako uku. Manhajar kalanda ta fi shi, domin idan aka buɗe ainihin ranar da ake magana aka sa mata birni na biyu, tana yin lissafin da dokar sauyin agogo ta wannan ranar. In aka tura hutun a matsayin gayyata ta kalanda, kowa zai gan shi da agogon garinsu. Sai dai ita ma sai an gaya mata gaskiyar inda mutum yake. A Windows akwai zaɓuɓɓuka da dama da suka fara da UTC+01:00, kuma na yankinmu shi ne West Central Africa. Wanda ya zaɓi na Amsterdam da Berlin saboda ya ga lambar ɗaya ce, kwamfutarsa za ta yi daidai duk lokacin sanyi, ranar Lahadin ƙarshe ta Maris ta yi tsalle da awa ɗaya. A manhajojin da ke amfani da sunan birni, Africa/Lagos ko Africa/Niamey ake nema. Alamar da ke nuna an yi kuskure ita ce agogon kwamfuta da na waya su saɓa da awa ɗaya cif bayan wata Lahadi.

Wannan ya fi shafar rashin da ke maimaituwa, kamar awa biyun sallar Juma'a. Abin da aka sa a kalanda ya riƙa dawowa duk mako, yana manne ne da agogon birnin da aka ƙirƙire shi da shi. Idan manajan ne ya toshe wa ma'aikacinsa lokacin da agogon New York a watan Yuni, takwas zuwa goma na safe, ya yi daidai da ɗaya zuwa uku a Kano. Nuwamba na shiga, takwas ɗin New York ta zama biyu a Kano, kalanda ta nuna mutumin yana nan a daidai lokacin da yake sahu. Gara ma'aikacin ya ƙirƙiri abin da kansa da agogon garinsu, ya kuma tuna wa manajan a farkon Maris da ƙarshen Oktoba cewa awar za ta matsa a wajensu.

Takardar lissafin hutu da ake cikewa tare tana da nata halin. Excel da aka saita da tsarin Amurka, in aka buga masa 09/06 zai karɓa shiru ya ajiye 6 ga Satumba. In aka buga 13/06/2025 ba zai gane ta a matsayin kwanan wata ba, sai ya bar ta a matsayin rubutu. Ana gane hakan da ido: kwanakin da ya fahimta suna jingina ta dama a cikin akwatin, waɗanda ya ɗauka rubutu ne suna jingina ta hagu. Jerin da wasu kwanakinsa ke dama wasu ke hagu, akwai yiwuwar na daman an juya musu wata da rana.

Saura ranar da babu wanda ya san ta tukuna. Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, kuma a Najeriya sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata daga Sakkwato. Babbar sallah da sauƙi, tunda 10 ga Zulhajji ce, ana sanin ranarta fiye da mako guda kafin ta zo. Ƙaramar sallah kuwa sai daren da ake duban wata. A 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba da hutun Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu, azumi ya cika talatin, sallah ta kama Laraba, aka ƙara Alhamis 11 ga wata. Manajan da ke Toronto ba ya bin wannan labari, kuma ba lalle kamfaninsa ya san da hutun gwamnatin Najeriya ba. Abin da ke aiki shi ne a rubuta masa tun da saura mako biyu, a ba shi ranakun biyu da abin zai iya faɗawa, kowace da sunanta da kwanan watanta, a bayyana a jimla ɗaya cewa ganin wata ne zai tantance. Sannan a yi masa alkawarin lokacin da za a tabbatar masa, shi ma da rana da awa a agogon biranen biyu. Sanarwar takan fito da dare a Najeriya, lokacin da a gabashin Amurka da Kanada ake sauran awannin aiki, don haka saƙon tabbatarwa yakan riski manajan yana ofis. Na Landan ko Berlin kuwa ya riga ya tashi, sai da safe zai gani, don haka da shi gara a nemi ranakun biyu duka tun farko, a mayar da ɗaya in ba a buƙace ta ba.